Wai ya za mu ce wa "sintesis" da Hausa?

Ummi_K:
Salam jama'a, dan Allah ku taimaka min. Malamin da ke duba furojet ɗina ya dawo min da babi na 5 ya ja layi da jan biro tun daga sama har ƙasa, ya rubuta a gefe wai wannan ba kammalawa ba ce, gabatarwa ce na canza wa riga, yana son ya ga sintesis. Gaskiya dai abin da na yi shi ne na ɗauko babi na 1, duk inda na ce "binciken zai duba" na mai da shi "binciken ya duba". Da Hausa nake rubuta aikin, to ita kalmar ma me za a ce mata? Ina ganin in na samu Hausarta zan gane abin da yake so.

Sadik:
Taƙaitawa ce ai, ba wani abu ba. Ki bi babi-babi ki faɗi abin da kowanne ya ƙunsa a layi uku-uku shikenan kin gama.

Malam Habu:
Sadik wannan ita ce hanyar da za ta sa a sake dawo mata da shi. Taƙaitawa tana da gurbinta, amma ita rage tsawon abu kawai take yi, babu wani sabon zance da take haifarwa. Kalmar nan asalinta daga Girkanci ne, "sin" tare, "tesis" ajiyewa, wato ajiye abubuwa tare har su zama abu guda. Ummi, faɗa mana me kika gano a babi na 4, sai mu gwada da aikinki, ya fi mu yi ta juya kalma a iska.

Ummi_K:
To Malam. A kan yadda ɗalibai ke amfani da laburare ne a makaranta ɗaya, zango ɗaya na bi. Abu 3 na samu. An ƙara lokacin buɗewa zuwa dare, mutane sun ƙaru amma aron littafi bai ƙaru ba. Waɗanda na yi hira da su yawancinsu sun ce wurin zama mai shiru da soket ɗin caji ne ke kawo su, da hand'awut ɗinsu suke zuwa. Sannan aron littafin ma sai dab da jarabawa yake tashi.

Malam Habu:
Madalla. In kika jero ukun nan kamar yadda kika yi yanzu, kin taƙaita. Gwada ki sa na ukun a farko, na farkon a ƙarshe, za ki ga babu abin da ya lalace, to alamar jeri ce kawai, ba su riƙe juna ba. Yanzu tambayi kanki, wane zance ne guda ɗaya da sai an haɗa ukun zai tsaya? Ni ga yadda na gani: ɗaliban nan laburare wurin karatu ne a gare su kafin ya zama wurin littafi, shi ya sa ƙarin lokaci ya kawo mutane bai kawo aro ba, aron kuma jarabawa yake bi, ba ƙofa a buɗe ba. Kin ga na biyun ya bayyana dalilin na farkon, na ukun ya toshe wa mai cewa ai ƙila littattafan ne ba su da amfani, tunda ana aronsu in buƙata ta zo. Wannan jimlar ba za ki iya rubuta ta ranar da kika fara aikin ba, kuma da haka nake auna kowace jimla a kammalawa. Duk wadda za ki iya rubutawa tun kafin ki fita tattara bayanai, ta babi na 1 ce, mayar da ita gidansu.

Kalma kuwa ni "tufkewa" nake cewa. Zare uku daban-daban, an murɗa su sun zama igiya, ta ɗauki nauyin da ko ɗaya ba zai ɗauka ba shi kaɗai.

Anti Bilki:
Malam bayaninka ya yi amma tufkewa ban yarda ba. Bahaushe na jin tufka abin da zai faɗo masa shi ne tufka da warwara, ka ga ɗaliba ta rubuta "tufkewar bincike" a kanun babi, ranar difens wani mai baki ya ce to ina warwarar 😂 Me ya hana "dunƙulewa"? Ko ma "naɗewa" da muke gani a kundaye da yawa.

Malam Habu:
Hajiya ai warwarar tana nan, babi na 4 kenan. Kalmar "analisis" ma a Girkancin kwancewa take nufi, an kwance abu an duba silinsa ɗaya-ɗaya. Naɗewa kuma sunan sashen ne gaba ɗaya, kamar kammalawa, mutum zai iya naɗe tabarmarsa bai saƙa komai ba. Dunƙulewa ta fi kusa, sai dai a kunnena in an ce "a dunƙule" a gajarce ake ji, mun koma gidan Sadik.

Sadik:
Ni dai an sa ni a gaba yau. Amma tsakani da Allah ai dole ta tuna wa mai karatu tambayar da ta fara da ita, ko shi ma maimaici ne?

Anti Bilki:
A nan kam kana da gaskiya. Jimla ɗaya ko biyu, ta ambaci tambayar don amsar ta samu inda za ta sauka. Abin da ba a so ta sake kwaso tarihin matsalar da muhimmancin bincike da su manufofi a, b, c.

Ummi_K:
Na fara ganin haske wlh. Saura ɗaya, ya kuma rubuta "ina gudummawarki?" Ni na ɗauka shawarwari yake nufi, na riga na sa a ƙara soket da kujeru.

Anti Bilki:
A'a ƙanwata, shawara hukuma kike ba wa, gudummawa kuwa masu bincike 'yan'uwanki kike wa magana. Koma bitar ayyukan da suka gabata, da me waɗanda kika karanta suka auna amfani da laburare? In da yawan aron littafi ne, to ga taki nan: kin nuna wannan ma'aunin yana tsallake ɗaliban da ke cika wurin kullum ba su ari ko ƙasida ba. Ki faɗi wanda kike gyara wa zance, da abin da ya canza, da iyakarsa, makaranta ɗaya zango ɗaya. Kar ki ce "wannan aiki ya cike giɓi" ki yi shiru, kowa haka yake rubutawa, wane giɓin? Kuma kar ki shigo da sabon teburi ko wata hirar da ba ta babi na 4, in tana da muhimmanci can za ta koma.

Ummi_K:
Biyu daga cikinsu da aro suka auna, ɗayan kuma da rajistar shiga. To shi na ukun ya zan yi da shi, ba ya rage min gudummawar ba?

Malam Habu:
Ya rage mata faɗi, kuma ki faɗa da bakinki kafin a faɗa miki. Shi ya ƙirga masu shiga, ke kin tambaye su me ya kawo su, nan ne naki.

Dan_Aji:
Ni fa "saƙawa" ta fi min daɗi, ba wanda ya kawo ta?

Anti Bilki:
A rubuce in aka manta ƙugiyar ƙ ta zama sakawa, wani ya ɗauka sakayya ake nufi. Ni ina nan kan dunƙulewa, Malam ya riƙe igiyarsa.

Ummi_K:
A kanun zan bar "Kammalawa" yadda take kar in jawo wa kaina, a cikin sakin layin sai in ce "idan aka tufke sakamakon nan uku". Ranar Litinin zan kai masa, in ya zagaye kalmar da jan biro zan dawo in karɓi ta Anti.