Amshi na hawa kan baiti, ina mafita?

Assalamu alaikum masana waƙa. Ina tsara waƙar yabo wadda jagora ɗaya zai riƙa bayarwa, 'yan amshi takwas suna karɓa, amma na maƙale a daidai inda baiti ke haɗuwa da amshi.

Kiɗan bugu huɗu-huɗu ne. Baitin jagora layi biyu ne, kowane layi bugu takwas, amshi kuma bugu takwas. Matsalar ita ce jagoran yana jan gaɓar ƙarshe ta sunan wanda ake yabo har ta ci bugu biyu daga cikin amshi. In 'yan amshi suka shigo kan lokaci, sai su danne sunan, alhali don shi ake waƙar. In suka jira shi, kiɗa ya wuce su, amshin ya fito a gurguje.

Na rage gaɓoɓin layin daga 12 zuwa 10, bai daina ja ba, kuma gaskiya jan nan yana da daɗi, ba na son a kashe shi.

Shin in mayar da sunan farkon layi ne, ko in bar bugu huɗu na kiɗa zalla kafin amshi? In na bar gurbin, waƙar ba za ta yi sanyi ba?