Babi na biyar ya tsaya mini: kashi 80 sun ce suna cike fatogiraf, fayil ya nuna kashi 35

Maman Haidar:
Assalamu alaikum. Sufabaiza ta dawo mini da babi na biyar, ta rubuta da jan biro cewa babi na huɗu na sake kwafowa. Aikina a kan amfani da fatogiraf ne, wato takardar bibiyar naƙuda, tsakanin nas da ungozoma a ɗakin haihuwa na asibitoci uku. Na raba takardar tambayoyi 120, 104 suka dawo. A cikinsu 83, wato kusan kashi 80 cikin ɗari, sun ce kullum suna cike fatogiraf. Amma da na zari fayil 60 na matan da suka haihu, 21 ne kawai aka cike sosai, kashi 35 ke nan. Horo ya nuna alaƙa da amfani da takardar (p = 0.03), shekarun aiki kuwa ba su nuna alaƙa da sani ba (p = 0.21). Ta ina zan kama tattaunawar, kuma yaya zan haɗa da binciken baya?

Abu Khalil:
Wa alaikumus salam. Abin ba wuya, Maman Haidar. Ki bi manufofinki ɗaya bayan ɗaya, kada ki bi jerin teburori. Kowace manufa ki faɗi sakamakon, ki kawo bincike uku da suka dace da naki, ɗaya da ya saɓa, ki wuce. Gazawar bincike kuma layi biyu sun isa: ƙarancin lokaci da ƙarancin kuɗi. Ki rufe da cewa fatogiraf na rage mutuwar mata wajen haihuwa, don haka a ƙara horo.

Malam Nasiru:
Abu Khalil ya yi daidai a kan bin manufofi, sauran kuwa shi ne ainihin abin da ke jawo jan biro. Jera sunaye da "wannan ya yi daidai da binciken wane" ba tattaunawa ba ce. Mai jarrabawa zai tambaye ki abu ɗaya: daidai ta wace fuska?

Malama, kafin ki rubuta ko da layi ɗaya, ki ɗauki binciken da ke babi na biyu waɗanda suka shafi fatogiraf kai tsaye, ko da takwas ne ko goma, ki yi musu tebur a takardar ki ta gefe. Ga kowanne ki rubuta shekara, irin asibitin, su wa aka tambaya, da yadda aka auna "amfani". Wannan na ƙarshe shi ne zai buɗe miki ido. Za ki ga sun rabu gida biyu: masu tambayar ma'aikaci da bakinsa, da masu buɗe fayil su duba. Kashi 80 ɗinki sai da gida na farko za a gwada shi, kashi 35 kuma da na biyu. In kika ɗora 80 ɗinki kusa da adadin wanda ya duba fayil kika ce "an samu saɓani, wataƙila saboda bambancin wuri", kin gwada mudu da buhu ne, kuma wurin ba shi da laifi.

Sannan ki duba inda kowa ya ja layin "sani mai kyau". Wani daga maki 50 cikin ɗari yake farawa, wani sai 80. Mutane iri ɗaya za su fito masana a wajen na farko, su fito da rauni a wajen na biyu. Idan layinku ya bambanta, ki faɗa a cikin jimlar da kika kwatanta ɗin, kada ki bar shi sai can ƙarshen babi.

Tazarar da ke tsakanin 80 da 35 ita ce zuciyar babin naki, ita za ta ci shafi biyu ko uku. Ga siffar sakin layin, ke kya mayar da shi Turanci:

Mafi yawan ma'aikatan sun ce suna cike fatogiraf kullum, amma kusan fayil ɗaya cikin uku ne aka samu cikakke. Adadin farko ya yi kusa da na binciken da suka dogara da abin da ma'aikaci ya faɗa, na biyu kuma ya fi kusa da na waɗanda suka duba fayil. Wannan na nuna cewa hanyar awo na iya zama babban dalilin bambancin da ake gani tsakanin rahotanni. Mai yiwuwa ma'aikata sun ba da amsar da suka san ana so, ko kuma suna ɗaukar fara cikewa a matsayin amfani. Wannan binciken bai bambance tsakanin biyun ba.

Ki lura adadi bai cika cikinsa ba. Lamba ɗaya ko biyu don tunatarwa sun wadatar, sauran suna babi na huɗu.

Sista Rabi:
Malam, Allah ya ƙara sani. Bari in ƙara ta ɓangaren ɗakin haihuwa, don akwai abin da tebur ba zai gaya mata ba. Ƙanwata, me kika kira "cikakke"? Bugun zuciyar jariri duk minti 30 ake rubutawa, haka ciwon naƙuda da bugun jinin uwa. Buɗewar bakin mahaifa da hawan jini duk awa huɗu. Idan ma'auninki ya ce sai kowane gurbi ya cika, fayil ɗin da aka sa buɗewar mahaifa daidai amma aka tsallake bugun zuciya sau biyu ya faɗi ke nan, alhali wani mai bincike zai lissafa shi cikin waɗanda aka yi amfani da su. Ki koma babi na huɗu ki ga wane sashe aka fi bari fayau, ki tattauna wannan. Awon da ake maimaitawa duk rabin awa shi ke fara zubewa in mace ɗaya na riƙe da masu naƙuda uku.

Abu na biyu, mata da yawa a wajenmu sai kan ɗa ya kusa fitowa suke isowa. Wadda ta zo bakin mahaifa ya buɗe gaba ɗaya, me za a zana mata? In irinsu na cikin fayil 60 ɗinki, 35 ɗin ya yi ƙasa da gaskiya. Akwai kuma kishiyar haka: fatogiraf da ake cikewa bayan an haihu, biro ɗaya, hannu ɗaya, layi tsaf kamar an sa rula. Wannan shi kuma ɗaga adadin yake yi. Fayil ba ya nuna lokacin da aka rubuta.

Maman Haidar:
Anti, na cire waɗanda suka iso a buɗewar santimita 8 zuwa sama, yana cikin babi na uku. Na cikewa bayan haihuwa ne ban taɓa kawowa a raina ba. To in rubuta cewa ƙarancin ma'aikata da daddare ne dalili?

Malam Nasiru:
Kin tambayi yawan masu naƙuda a kan kowace ungozoma? Kin raba fayil na dare da na rana? In ba ki yi ba, ba sakamakonki ba ne. Ki kawo shi da "mai yiwuwa", ki jingina shi da binciken da ya auna hakan, sannan ki mayar da shi shawarar bincike na gaba.

Haka ma horo. Kin tambayi kowa sau ɗaya a lokaci guda, saboda haka ba ki da hurumin cewa horo ya sa suna cikewa. Zai iya zama masu himma ake zaɓa a tura bita tun farko. Kuma "amfani" da kika gwada da horon shi ne wanda suka faɗa da baki, wanda ke da kanki kika nuna ya kumbura. Wadda aka yi wa horo ta fi kowa sanin amsar da ake so. Ki rubuta wannan da hannunki kafin eksitanal, wato mai jarrabawa daga waje, ya rubuta miki.

Na p = 0.21 kuwa, kada ki ce shekarun aiki ba su da tasiri. Ki ce ba a gano alaƙa a wannan samfurin ba. Ki leƙa ƙasan teburin Chi-Square Tests a SPSS, akwai ɗan rubutu da ke faɗin gurbi nawa ne ke da expected count ƙasa da 5. In sun wuce kashi 20 na guraben, gwajin bai zauna ba, sai ki haɗe rukunonin shekaru ko ki koma Fisher's Exact Test.

Ummi:
Ni hira na yi da mata 14 masu yoyon fitsari, an ce in sa gazawar bincike. In rubuta cewa 14 sun yi kaɗan, ba za a iya ɗora sakamakon a kan kowa ba?

Sista Rabi:
Ummi, naki wani layi ne daban. A binciken hira ba yawan kai ake nema ba, don haka 14 ba abin ba da haƙuri ba ne in maganganun sun fara maimaita kansu. Gazawarki tana wajen su wa kika samu: waɗanda suka kai asibiti ne kawai, kuma sun san nas ce ke tambayarsu. In da Hausa kika yi hirar kika juya Turanci, shi ma ki faɗa.

Hajiya Binta:
Akwai abin da ba wanda ya taɓo. Fatogiraf ɗin da muka saba da shi daga santimita 4 yake farawa, da layin gargaɗi da layin ɗaukar mataki awa huɗu a tsakaninsu. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da farkon naƙuda mai ƙarfi santimita 5, a 2020 ta fito da Labour Care Guide, wanda babu waɗannan layuka biyu a cikinsa. Eksitanal da ke bin harkar zai tambaye ki me ya sa kike nazarin takardar da aka kawo madadinta. Sakin layi ɗaya ya isa: ki faɗi wacce asibitocin ke amfani da ita lokacin da kika tattara bayanai, kuma duk takardar da ta zo, hannun da ya kasa rubuta bugun zuciya duk minti 30 shi ne zai cike ta.

Maganar Abu Khalil ta rage mutuwa kuma ki yi hattara. Bitar Cochrane ta 2018 ba ta samu tabbacin cewa amfani da fatogiraf ga kowace mai naƙuda na gyara sakamakon haihuwa ba. Ke ma ba ki auna mutuwa ko tiyata ba.

Gazawa kuwa, kowacce ki faɗi ta wane gefe ta karkatar da sakamako. Amsa da baki ta ɗaga 80. Cikewa bayan haihuwa na iya ɗaga 35. Mutum 16 da ba su dawo da takarda ba, in su ne aiki ya fi yi wa yawa, nan ma 80 ya kumbura. Fayil 60 kuma kaɗan ne: in kika lissafa tazarar amincewa ta kashi 95, 35 ɗin na yawo tsakanin wajen 23 da 47. Ko a 47 ɗin bai kamo ƙafar 80 ba, wanda nasa ƙasan ke wajen 72, don haka tazarar na nan daram. Lokaci da kuɗi matsalarki ce, ba ta sakamakon ba.

Abu Khalil:
Hajiya, na karɓi gyara a kan Cochrane. Amma wannan 23 zuwa 47 sabon adadi ne, kuma a sashenmu ba a yarda sabon lissafi ya ɓullo a babi na biyar. Ni dai ina ganin yawan tona gazawa miƙa wa eksitanal sanda ne.

Malam Nasiru:
Na farkon gaskiyarka, ta koma ta saka shi a teburin babi na huɗu sannan ta ambata. Na biyun ba mu daidaita ba.

Maman Haidar:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na buɗe SPSS yanzu, gurbi uku cikin takwas ne ke ƙasa da 5 a teburin shekarun aiki. Malam, in na haɗe rukunonin p ɗin ya canza, sai na nemi izinin sufabaiza kafin in taɓa babi na huɗu, ko in gyara in kai mata gaba ɗaya?