Abin da aka tattara kan duban shekarar soyayya da taurari

1. Mafi yawan masu duban taurari sun ce a fara da taswirar haihuwa, wato zanen inda taurari suke a lokacin da aka haifi mutum. Taswirar dawowar rana, wato wadda ake zanawa a daidai lokacin da rana ta koma gurbin da take ranar haihuwa, shekara guda kawai take magana.

2. A taswirar dawowar rana gida na 7 ake dubawa, wato sashen da ya shafi aure da abokin zama, da inda tauraruwar Zahra ta sauka. In tauraron Zuhal ya zauna a gidan nan, wasu sun ce sanyin zuciya ne, wasu kuma ɗaurin alkawari. Nan aka fi jan magana.

3. Taswirar ci gaba tana lissafa kwana ɗaya bayan haihuwa a matsayin shekara ɗaya. A cikinta, watan sama yakan yi kusan shekara biyu da rabi a buruji guda, don haka shi ake bi.

4. An rabu kan wurin da za a yi amfani da shi a taswirar dawowar rana: garin haihuwa, ko inda mutum yake ranar dawowar?

Ni dai ina tare da masu cewa in ba a san sa'ar haihuwa ba, a bar maganar gidaje gaba ɗaya.