Gem ɗaya tak nake iya saya a shekara, wanne ne ba ya gundura?

Sadiƙu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙarfina gem ɗaya ne a shekara. Na bara mai labari ne, kafin wata ya ƙare na kai ƙarshensa, da na sake farawa sai na tarar na san duk abin da zai faru, na ajiye. Laftof ce da ni tsohuwa, ram giga 8, ba ta da katin girafik na daban. Ni kaɗai nake bugawa, kamar awa guda da dare, kuma ba kullum nake da intanet ba. Wanne zan saya da zai kai ni baɗi?

Abba: Wa alaikumus salam. Ka sayi EA Sports FC ka huta. Ƙwallo ba ta taɓa maimaita kanta, ko wasa dubu ka buga kowanne da kalarsa. Mu da shi muke raba dare.

Malam Nura: Abba, rabin maganarka gaskiya ce, amma kai da abokai kake bugawa, ɗan Adam ne ke sabunta maka wasan. Shi kuwa da kwamfuta zai kara, kuma da zarar ka gano hanyar da take barin a ci ta, shi ke nan armashi ya tafi. Ga shi laftof irin tasa ba za ta ja sababbin fitowar ba.

Sadiƙu, kada ka tambayi tsawon gem. Ka tambaya: in na fara daga farko, me zai sauya ba da izinina ba, har ya tilasta mini sabuwar dabara? A kan wannan ma'auni ni Slay the Spire zan ce maka, wanda ya fito cikakke a 2019. Wasan katuna ne na faɗa, ba ya buƙatar intanet bayan ka sauke shi, ba a sayar maka da komai a ciki, kuma injinka zai ja shi cikin sauƙi. Zagaye ɗaya kusan awa guda ne, daidai da lokacinka.

Ga yadda yake. In ka ɗauki jarumin da ake kira Ironclad, kana farawa da jini 80 da katuna goma: Strike biyar, Defend huɗu, Bash ɗaya. Bayan kowane faɗa a nuna maka katuna uku, ka ɗauki ɗaya ko ka wuce. Ba kai ke zaɓar ukun da za a nuna ba, nan sirrin yake. Yau sai ka ci karo da Barricade, wanda ke hana garkuwarka gogewa a farkon kowane juyi. Daga nan duk tunaninka ya koma tara garkuwa, kana addu'ar samun Body Slam, katin da ke duka daidai yawan garkuwar da ka tara. Ka tara 60, ka sauke wa abokin gaba 60 a bugu ɗaya. Gobe da jarumin nan dai sai Barricade ya ƙi zuwa, a ba ka Corruption: katunan Skill su zama kyauta, amma kowanne da ka buga ya ƙone har ƙarshen faɗan. Yanzu dole ka gama faɗa da wuri kafin garkuwa ta ƙare maka, sai fa in ka dace da Feel No Pain, mai ba ka garkuwa duk lokacin da kati ya ƙone. Wanda ya nace sai ya sake gina abin da ya ci masa jiya, shi ne ke mutuwa a kashi na biyu da tarin katunan da ba sa jituwa.

Jarumai huɗu ne, kowanne da nasa katunan. Silent, alal misali, da guba take kisa a hankali. In ka ci wasan, sai matakan ƙarin wuya da ake kira Ascension su buɗe, guda 20, kuma kowane jarumi da nasa tsanin. A na 10 kana farawa da katin tsinuwa da ba ya ciruwa, a na 20 manyan dodanni biyu za ka kara da su a jere a ƙarshen kashi na uku. Wannan tsanin kaɗai ya ishe ka shekara.

Hajara: Ni The Witcher 3 ya ɗauke ni wata da watanni, har yanzu akwai wuraren da ban leƙa ba. Labarin ya taɓa ni sosai, kuma ƙarshensa ba ɗaya ba ne.

Malam Nura: 'Yar'uwa, gem ne mai kyau ƙwarai, sai dai irin abin da ya kawo kuka a kai ne, ya fi tsawo kawai. Kuma ba katin girafik zai sha wahala.

Injiniya: Ban yarda da Malam Nura gaba ɗaya ba. Akwai mutumin da mutuwa ka koma farko ke ɓata wa rai, kuma a wannan gem za ka mutu ba adadi kafin ka ci sau ɗaya. Na ba ƙanina, bai kwana biyu ba ya goge. In kai mai son gini ne a hankali, Civilization VI na 2016 ya fi dacewa. Taswira sabuwa kowane lokaci, shugabanni da yawa kowa da baiwarsa, hanyoyin nasara daban-daban: kimiyya, al'adu, addini ko yaƙi. Matakan wuya takwas ne, daga Settler zuwa Deity.

Amma in gaya maka aibinsa. Wasa ɗaya a saurin Standard juyi 500 ne iyakarsa, zai cinye maka dare da yawa. Farkonsa ne mai daɗi, lokacin da kake leƙen ƙasa kana rige-rigen wurin kafa birni. Can gaba in ka riga ka san ka yi nasara sai ya zama danne-danne kawai. A tsohuwar laftof kuma jiran kwamfuta ta gama juyinta yana ƙaruwa yayin da birane ke yawaita. Maganinsa ka zaɓi taswira Small ko Tiny, ka kunna Strategic View, mai nuna taswira da sauƙaƙan zane. Sannan ka jira lokacin rangwame ka saye shi haɗe da ƙarinsa mai suna Gathering Storm, don in ka sayi gundarin kaɗai za ka ga rabin abin da mutane ke zance a kai ba ka da shi.

Bilkisu: Ba wanda ya ambaci Minecraft ko Stardew Valley? Ni gonata ta Stardew tana shekara ta biyar a cikin wasan, kuma ko wace irin laftof tana jan sa. Sai dai gaskiya bayan shekara biyu ta ciki, kai ne za ka riƙa ƙirƙiro wa kanka abin yi. Wanda ya saba a ce masa je ka can, kashe wancan, zai iya tsayawa yana kallon allo.

Sadiƙu: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Anti Bilkisu, ni ne mai tsayawa yana kallon allon nan. Tsakanin na Malam Nura da na Injiniya nake. Ta yaya zan gane nawa kafin kuɗi su tafi?

Malam Nura: In a Steam za ka saya, suna mayar da kuɗi matuƙar ba a wuce kwana 14 da saye ba kuma ba ka kai awa biyu kana bugawa ba. Fara da Slay the Spire, ka sa agogo. Cikin minti casa'in za ka mutu aƙalla sau ɗaya. Ka lura da kanka a lokacin: in kana cewa da ban ɗauki katin can ba, hannunka kuma ya koma kan sabon zagaye, naka ne. In haushi kawai ka ji, nemi kuɗinka.

Injiniya: Wannan gwajin ba adalci ba ne ga nawa. Awa biyu a Civilization ko birni na huɗu ba lallai ka kafa ba, kuma nauyin da nake ji wa laftof ɗin sai bayan juyi 200 yake bayyana, lokacin ƙofar mayar da kuɗi ta rufe. Sadiƙu, turo mana sunan furosesarka yadda yake a rubuce a Task Manager, mu duba tukuna.