Saƙon da za a tura wa dangi kan asusun kallo na haɗin gwiwa

Mun tattauna kan saƙon da mai riƙe da asusun kallon finafinai na gida zai tura wa 'yan uwa, kuma bakin yawancinmu ya zo ɗaya: a fara da kuɗi, a faɗi adadi da rana. Misalin da aka kawo shi ne na wata naira 8,000 tsakanin mutum huɗu, kowa 2,000, a turo kwana uku kafin ranar da ake cirewa daga kati. In aka bari sai ranar, katin mutum ɗaya ne zai ɗauki nauyin, shi kuma kunya ta hana shi bin bashin yayansa.

An ɗan ja kan Hajiya da ƙanne 'yan makaranta. Wasu suka ce kowa ya biya, amma ni ina tare da masu cewa masu albashi su ɗauke musu. Sai dai a rubuta a saƙon cewa masu albashin ne za su raba, in su uku ne kowa kusan 2,700, kada wani ya ji an ƙara masa a ɓoye.

Dokokin kaɗan ne. Kowa ya tsaya a sashensa mai sunansa, yara a nasu. Ba a ba aboki ko budurwa kalmar sirri, domin tsarin na da iyakar na'urorin da za su kalla lokaci guda. In allo ya ce an cika alhali mutum biyu ne ke kallo a gida, to kalmar sirrin ta fita waje, sai a canza ta. Wanda zai janye ya faɗa tun wata guda kafin nan.