Mai buga sitika ya ƙi karɓar tambarina, wai ba fekta ba ne

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Don Allah ku taimaka. Turaren wuta nake yi, na haɗa tambari da manhajar AI, fure mai ruwan zinare da sunana a ƙasa. Hoton PNG ne, 1024 × 1024. Mai buga sitika ya ce sai fekta, ga shi kwalabe 200 na jira, bikin ranar Asabar ne. Yarona ya mayar da shi SVG, an sake dawo da shi. Me ke nan?

Malam Nura: Wa alaikumus salam. Hajiya, hoton yana nan yadda yake, riga kawai aka canza masa. A buɗe fayil ɗin a CorelDRAW, a shiga View, a zaɓi Wireframe. In an ga akwati da hoto toka-toka a ciki maimakon siraran layuka, babu fekta. Manhajar AI ɗin, ɗigogin launi ta jera, ba ta zana layi ko ɗaya ba, ita kuwa wuƙar injin yankan sitika layi take bi.

Abba: PowerTRACE na CorelDRAW kawai, ya mayar da hoton layuka da kansa, minti biyu an gama.

Malam Nura: Abba, ba a kan wannan ba. Abin da ido ke gani zinare ɗaya, launuka ne barkatai da ke narkewa cikin juna, gefen furen kuma dishi-dishi ne. Manhajar PowerTRACE za ta ɗauki kowane launi ta yi masa yankinsa, ka tashi da ɗaruruwan gutsattsari, lanƙwasar da gaɓa huɗu ta isa ta sami hamsin. Wuƙa ta yi ta karkarwa, gefe ya fito kamar haƙorin zarto. Haruffan ma zanensu aka yi, harafin a guda biyu a kalma ɗaya ba sa zuwa daidai.

A kulle hoton a ƙasa, a bi furen da Pen, a rage launi zuwa biyu ko uku. Sunan a sake rubuta shi da salon rubutu na gaske, a danna Ctrl+Q ya koma zane. A zaɓi launukan a CMYK.

Maman Ilham: Malam, ƙyallin nan shi ya sa na zaɓe shi. Kuma a wayata tas yake.

Ummi Zariya: Yaya, nawa ne faɗin sitikar? 1024 a kan 300 dpi ya kai kusan santimita 8.7. In ta kwalba ce ta santimita 5, a buga hoton haka, a zana da'irar yanka kawai. Ni haushina masu bugun da ke cewa fekta don su caji kuɗin zane.

Malam Nura: Wannan ya yi a ƙaramar sitika. A allon mita 2 kuwa ɗigo 13 ne a inci, na kusa zai ga tsani-tsani. Zinaren kuma tawada ba ta ƙyalli, ruwan ƙasa-ƙasa zai fito, sai dai a yanka a ledar zinare, wadda ita ma layi take so.

Maman Ilham: Ni dai ba zan taɓa furen ba. Allon kuma sai bayan sallah. Ummi, wa zai zana min da'irar?