Na sayar da hannun jari, amma kuɗin sun ƙi fita

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ranar Juma'a na sayar da hannun jari 500, manhaja ta nuna ciniki ya faɗa. Yau Litinin, har yanzu ba a bari in cire kuɗin ba. Dillalina ne ya riƙe su, ko wanda ya saya ne bai biya ba?

Wani ɗan'uwa: Wa'alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, ba a biya a ranar ciniki. Sai wanda ya sayi naka ya turo kuɗi tukuna a ba ka.

Tsohon dillali: Maganar jira gaskiya ce, amma ba mai sayen ake jira ba. Da zarar ciniki ya faɗa, cibiyar tantance ciniki ke shiga tsakani: ita ce mai saye a wurin dillalinka, ita ce kuma mai sayarwa a wurin ɗaya dillalin. Ko wancan ya kasa biya, ita za ta cika alkawari, shi ya sa take karɓar kuɗin jingina daga dillalai tun da wuri.

Bayan an tashi kasuwa sai ta yi lissafi a dunƙule. A ce masu hulɗa da dillalinka sun sayar da hannu 10,000 na kamfani ɗaya, har da naka 500, wasu kuma sun sayi 8,000. Hannu 2,000 kawai zai miƙa, a biya shi bambancin kuɗin, sauran ya daidaita su a littafinsa. Ranar biya, ma'ajiyar hannayen jari ke sauya sunan mai su a daidai lokacin da kuɗi ke motsawa, ba a sakin ɗaya sai da ɗayan.

Malam, duba takardar shaidar cinikinka, akwai ranar biya a jiki. In kasuwarku T+2 ce, ranakun aiki biyu ake ƙirgawa bayan ranar ciniki, ban da Asabar da Lahadi da ranar hutu, ka ga sai gobe Talata. Amurka ta koma T+1 tun Mayun 2024, da a can ne da yau za a biya.

Wata 'yar'uwa: Ni ma haka suka yi mini! Na sayi hannun jari ana gobe rufe rajista, aka raba riba ban samu ko sisi ba.

Tsohon dillali: Hajiya, taki daban ce, amma tushen ɗaya ne. Ranar da aka rufe rajista cinikinki bai kammala ba, sunan wanda ya sayar miki ne a littafi, ribar ta zama tasa.

Mai tambaya: Na gode, Malam. To in Talata ta wuce shiru fa?

Tsohon dillali: Ka tambayi dillalinka a rubuce ko cinikin ya kammala. Wani lokaci dillali ne ke kasa miƙa hannayen a kan kari, a ci shi tara ko a saya a madadinsa ya biya ƙarin. In ya kammala, jinkirin tsakaninsa da bankinka ne, kuma nan kowane dillali da nasa tsarin.

Wani ɗan'uwa: Ni dai nawa yakan ƙara kwana ɗaya bayan ranar biya, ban taɓa jin dalili ba.